Daga Goro Zuwa Roba: Yadda Lemon Ƙara Kuzari Ke Taɓa Zuciyar Matasa a Agege da Jankara

Goro ne ya kai Hausawa Agege. Tun farkon ƙarni na 20, da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, fatake suka mayar da garin zango, suna sayen goro a gonakin da ke kewaye, suna ɗaure shi a huhu, suna lodawa a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Jikokinsu ne a yau ke riƙe da sana'o'i a Zangon Agege, da mayankar Oko-Oba, da kasuwar Mile 12, har zuwa Jankara a tsibirin Legas. Abin da dattijo yake nema a ɓarin goro, wato wartsakewa da korar gyangyaɗi, shi ne matashi yake nema yanzu a robar lemon ƙara kuzari mai sanyi. Sinadarin da ke aikin a duka biyun ɗaya ne, kafeyin. Bambancin yana wajen yawansa, da saurin shigarsa jiki, da kuma shekarun mai sha.

Mai cin goro yakan ɓare shi, ya ci ɓari, ya ajiye saura a aljihu, ɗacinsa kuma yana hana a wuce gona da iri. Lemon roba kuwa zaƙi ne zalla, ga sanyi, ga iskar gas, kuma a zafin Legas ɗan dako yakan shanye rabin lita a tsaye kafin ya sauke numfashi. A rumfunan Agege da Jankara ana jera waɗannan lemuka a firji ɗaya da lemon kwalba da ruwan leda, kuma babu mai tambayar shekarun wanda ya miƙo kuɗi. Akwai na waje irin su Red Bull da Monster da Power Horse, akwai kuma waɗanda ake yi a gida, irin su Fearless na kamfanin Rite Foods da ke da masana'anta a Ososa ta Jihar Ogun, da Predator, da Supa Komando, da Climax. Na gida sun fi araha, robarsu ta fi girma, su ne kuma suka fi shiga hannun yara.

Abin da ke cikin robar

Asalin wannan nau'in abin sha daga Asiya yake. A 1962 kamfanin Taisho na Japan ya fitar da Lipovitan, sannan a shekarun 1970 aka fara sayar da Krating Daeng ga direbobi da leburori a Thailand. Daga wannan na biyun ne ɗan kasuwar Austria Dietrich Mateschitz ya ɗauko tsarin da ya fitar da sunan Red Bull a 1987. Gwangwaninsa mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin, da miligiram 1,000 na sinadarin torin, da kimanin giram 27 na sukari. Yawancin masu kwaikwayo sun bi wannan ma'auni ko kusa da shi, wato kimanin miligiram 32 na kafeyin da giram 11 na sukari a kowane mililita 100.

Yayin da mutum yake aiki, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sanar da jiki cewa gajiya ta zo, a huta. Kafeyin yakan je ya toshe wuraren da adenosin ke sauka, sai saƙon gajiyar ya kasa isa. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai aka ɗage. A lokaci guda jiki yakan ƙara sakin adirenalin, jijiyoyin jini su ɗan tsuke, hawan jini ya ɗaga. Kafeyin yakan kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, kuma hanta takan ɗauki kimanin sa'a biyar kafin ta rage rabinsa.

Shi kuwa torin, an fara ware shi ne daga ruwan matsarmamar sa a Jamus a 1827, daga nan ya samo sunansa. Wanda ake zubawa a lemo a masana'anta ake haɗa shi, don haka jita-jitar da ake yaɗawa a majalisu cewa daga maniyyin bijimi ake tatso shi ba ta da tushe. Jikin mutum ma yana ƙera shi, ana kuma samunsa a nama da kifi, yana da yawa a tsokar zuciya inda yake da hannu wajen shige da ficen sinadarin kalsiyam. A 2009 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta ce yawan torin da ake sa wa a waɗannan lemuka ba abin tsoro ba ne shi kaɗai. Damuwar likitocin zuciya tana kan haɗuwarsa da kafeyin mai yawa a lokaci guda, tun da duka biyun suna taɓa yadda tsokar zuciya ke matsewa.

Lissafin yini guda

A 2015 EFSA ta fitar da ma'aunin da ake yawan dogara da shi. Baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 na kafeyin a yini, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. Mai juna biyu kada ta wuce 200 a yini. Yaro ko matashi kuwa da nauyinsa ake aunawa: miligiram 3 ga kowane kilo.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 15 mai nauyin kilo 50, wanda ke tura baro a kasuwa. Iyakarsa a yini ita ce 50 sau 3, wato miligiram 150. Robar rabin lita mai miligiram 32 a kowane mililita 100 tana ɗauke da 160. Ke nan da roba ɗaya tak ya riga ya haye iyakarsa. To amma yininsa ba a roba ɗaya yake tsayawa ba. Da asuba ya sha shayi wajen mai shayi, a ce miligiram 40. Da hantsi, bayan an sauke kayan babbar mota, ya sha roba ta farko, 160. Da azahar kansa ya fara sara, ya sayi ƙwayar ciwon kai mai haɗin farasitamol da kafeyin ya haɗiye biyu, kowace tana da miligiram 65, wato 130. Da la'asar ya ƙara roba ta biyu, 160. Jimilla miligiram 490, fiye da ninki uku na abin da jikinsa ya kamata ya ɗauka, har ya zarce iyakar babban mutum. Idan ya ɗan ɓari goro a tsakani, lissafin ya ƙara hawa.

Robar la'asar ita ce mai ɓata dare. Idan ya sha ta da ƙarfe huɗu, da ƙarfe tara na dare akwai saura miligiram 80 daga cikinta a jininsa, daidai da cikakken gwangwani ɗaya, da ƙarfe biyun dare kuma akwai 40, ban da ragowar abin da ya sha tun safe. Zai kwanta, amma barcin ba zai yi nauyi ba. Ya tashi da gajiyar jiya a kan ta yau, maganin da ya sani kuma shi ne wata robar. Haka abin yake zama jiki. Matashi a wannan shekarun yana bukatar barcin sa'a takwas zuwa goma, kuma wannan lissafin bai bar ɗalibin da ke kwana karatun jarrabawar WAEC ko JAMB a Kubwa ko Nyanya ba.

Ga kuma sukari. Roba biyu masu giram 55 kowace sun ba shi giram 110, kusan ƙaramin cokalin shayi 27. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samu a yini, kimanin giram 50 ga baligi, in ma an rage zuwa 25 ya fi. Sukarin nan yakan shiga jini da gudu, ya sauka da gudu, sai mutum ya ji kasala bayan sa'a ɗaya ko biyu, ya ɗauka ƙarfin lemon ne ya ƙare. Nau'in da aka rubuta babu sukari ya kawar da wannan matsalar, amma kafeyin ɗinsa yana nan daram.

Inda zuciya ta shigo

Zuciya da lantarki take aiki. A kowane bugu, wani ɗan saƙon lantarki yakan taso daga samanta, ya ratsa tsokar, ta matse ta tura jini, sannan ta koma ta sake shiri domin bugu na gaba. Lokacin da manyan ɗakunan zuciya ke ɗauka daga fara matsewa zuwa gama sake shiri shi ne likitoci ke kira tazarar QT, kuma a takardar awon zuciya ta ECG ake karanta shi. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A mai lafiya yakan tsaya ƙasa da 450 ga maza, 460 ga mata. Idan ya haura 500, akwai haɗarin wani bugu ya faɗo kafin zuciya ta gama shiri, lantarkin ya rikice, ta koma karkarwa maimakon tura jini. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, in ba a kawo ɗauki cikin mintuna kaɗan ba, sai dai wani ba shi ba.

An gwada tasirin lemon a kan wannan tazara. A wani bincike da aka buga a mujallar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka a 2017, an ba matasa 18 masu lafiya kusan lita guda ta lemon ƙara kuzari mai miligiram 320 na kafeyin, a wata ranar kuma aka ba su wani abin sha mai kafeyin daidai wannan adadin amma babu sauran haɗin. Bayan sa'a biyu, tazarar QT ta fi tsawo da kimanin milisakan 10 a ranar da suka sha lemon. Wannan ya nuna ba kafeyin kaɗai ke aikin ba. A 2019 aka maimaita gwajin da mutum 34 a Jami'ar Pacific da ke California, aka ga ƙarin milisakan 6 zuwa 8 bayan sa'a huɗu, tare da ɗagawar hawan jini.

Ga mai lafiyayyar zuciya wannan ƙari kaɗan ne, kuma ya kamata a faɗi gaskiya: yawancin manya da ke shan shayi ko gahawa daidai gwargwado ba sa samun rikicewar bugun zuciya saboda shi. Matsalar tana ga wanda tazararsa ta riga ta yi tsawo. Akwai ciwon gado mai tsawaita QT da ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 2,000, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. A birnin Sydney na Australia, a 2017, an ba masu wannan ciwo su 24 gwangwani biyu na lemon, miligiram 160 na kafeyin da 2,000 na torin, a ƙarƙashin kulawar likitoci. Uku daga cikinsu tazararsu ta ƙaru da milisakan 50 ko fiye, ƙarin da ake ɗauka mai haɗari. A lura cewa adadin da aka ba su daidai yake da robar rabin lita guda. A 2024 kuma likitocin Mayo Clinic suka duba bayanan mutum 144 da zuciyarsu ta taɓa tsayawa farat ɗaya aka ceto su, suka tarar bakwai sun sha lemon ƙara kuzari dab da faruwar abin. Su da kansu sun ce wannan bai tabbatar da cewa lemon ne sanadi ba, amma ya isa a gargaɗi masu ciwon zuciya na gado.

Ko mai lafiya ma yana da iyaka. A watan Afrilun 2017, wani ɗalibi ɗan shekara 16 a Jihar South Carolina ta Amurka ya faɗi a aji ya rasu, bayan ya sha gahawa mai madara, da babban kofin lemo mai kafeyin, da lemon ƙara kuzari, duk cikin kimanin sa'a biyu. Jami'in binciken gawa ya ce ba a ga wani ciwon zuciya a jikinsa ba, ya kuma danganta rasuwar da rikicewar bugun zuciya sakamakon kafeyin. Abin da ya jaddada shi ne ƙanƙantar lokacin da aka sha su a ciki.

Waɗanda suka fi shiga haɗari a cikinmu

A unguwannin Hausawa na Legas, kamar a Arewa, akwai rukunai uku da ya kamata a sa wa ido. Na farko su ne matasan da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya ya lalata musu ƙofofin zuciya. Wannan ciwo ya fi yawa inda ake cunkoso a ɗaki ɗaya, kuma yakan kawo bugun zuciya marar tsari tun mutum yana saurayi. Na biyu su ne mata masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana ciwon raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mai jegon da ke haki ko ƙafarta ke kumbura ba ta da abin yi da wannan lemo. Na uku su ne masu hawan jini, musamman direbobin manyan motoci da ke dogara da shi a tafiyar dare tsakanin Legas da Kano.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta hanyar magani. Kulorokwin da kwinin, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su azitiromaisin da eritiromaisin da sifirofuloksasin, duk suna iya tsawaita QT, kuma ana sayar da su barkatai a shagunan magani. Sifirofuloksasin yana da ƙarin illa, domin yana rage wa hanta saurin narka kafeyin, sai ya daɗe a jini. Matashin da ke fama da zazzaɓi da gudawa, ya rasa gishirin fotasiyam daga jikinsa, yana shan ɗaya daga waɗannan magunguna, sannan aka sayo masa lemon ƙara kuzari wai don ya samu ƙarfi, an tara masa abubuwa uku masu tura zuciya waje ɗaya. Abin da yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS. Haka ma mai azumin da ya wuni yana zufa ya buɗe baki da roba mai sanyi a cikin da babu komai: kafeyin zai shige jini da sauri a jikin da ruwa ya riga ya yi ƙaranci. Masu haɗa lemon da tiramadol ko barasa kuwa sun fi kowa kasada, don kafeyin yana ɓoye maye, mutum ya ƙara sha bai san ya kai maƙura ba, tiramadol kuma yana jawo farfaɗiya.

Yadda ake ganewa

Alamun farko na wuce iyaka sanannu ne: rawar hannu, faɗuwar gaba babu dalili, tashin zuciya, yawan fitsari, da rashin barci. Ana iya duba bugun da hannu. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, a ƙirga bugu na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Tsakanin 60 da 100 shi ne daidai. Idan ya wuce 100 alhali mutum yana zaune, ko ana jin yana tsallake, a daina shan lemon, a je a yi ECG. Awon ba ya ciwo, ba ya wuce 'yan mintuna, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba.

Alamun da ba a jira da su kuwa su ne suma, musamman a tsakiyar ƙwallo ko ɗaukar kaya ko bayan firgita, da ciwon ƙirji, da haki mai tsanani. Sau da yawa akan ɗauki irin wannan suma a matsayin farfaɗiya ko bugun iska, a tsaya tofi da hayaƙi, alhali zuciya ce. Tambaya ɗaya tana taimaka wa likita ƙwarai: shin a dangi an taɓa samun matashin da ya rasu farat ɗaya, a barci, ko a ruwa, ko a filin wasa? Idan amsar e ce, a auna 'yan'uwansa duka. Idan kuma mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a kira 112, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Kada a ɗura masa ruwa ko madara.

Wanda ya saba sha kullum, in ya bari gaba ɗaya, zai iya fama da ciwon kai da kasala daga sa'a 12 zuwa 24 bayan ya daina, abin ya ɗauki kwanaki har zuwa mako guda. Dabara ita ce a rage a hankali, a fara yanke robar yamma, sannan a mayar da ta safe rabi.

Aikin da ke gaban hukuma

Tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce wannan lemo ba na yara da matasa ba ne. A Tarayyar Turai, duk abin shan da ba shayi ko gahawa ba wanda kafeyin ɗinsa ya wuce miligiram 150 a lita dole ne ya ɗauki gargaɗin cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba. Lithuania ta haramta sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Latvia ta biyo baya a 2016, Poland kuma daga Janairun 2024.

A Najeriya, NAFDAC ce ke yi wa waɗannan kayayyaki rajista, kuma Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kowace litar lemo mai sukari. A robar rabin lita, naira biyar ke nan, adadin da ba zai sa kowa ya fasa saye ba. Lambar rajista kuwa tana nuna an amince da kayan ne a kan yadda aka ce a sha shi, ba ta nufin ya dace da yaro mai kilo 50. Gargaɗin da ke jikin roba da Turanci yake, da ƙananan haruffa, kuma adadin kafeyin yakan zo ne a kan mililita 100, sai mai saye ya yi lissafin ninkawa da kansa. Ga waɗanda ke rubuta takardun shawara a ma'aikatun Abuja da ofisoshin 'yan majalisa, akwai gyara uku da ba su bukatar kasafi mai yawa: a wajabta rubuta jimillar kafeyin na robar gaba ɗaya da manyan lambobi, a sa gargaɗin da Hausa da Yarbanci da Igbo, a kuma tsayar da mafi ƙarancin shekarun mai saye. Na ukun shi ne mai wuya a kasuwa irin Jankara, inda ake talla a kai da cikin cunkoson motoci, don haka sai an haɗa da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai, waɗanda maganarsu ke isa inda jami'in hukuma ba ya kaiwa. Na farko da na biyu kuwa a masana'anta ake aiwatar da su, kuma masana'antun kaɗan ne, an san inda suke.